Wayar da ta koma awa 8 a kan caji: nazarin kebul ɗaya da ya ruɓe ta ciki

Asalin lamarin

Mai wayar mace ce da aikinta ke buƙatar kira da aika saƙo tun safe har dare. Wayar tana da batir mai 5000mAh da bakin caji irin na USB-C. A kwalinta akwai kan caja mai wat 18, wanda a jikinsa aka rubuta 5V da 9V, tare da kebul mai tsawon mita 1, USB-A a gefen caja, USB-C a gefen waya. Da waɗannan biyun, wayar kan tashi daga kashi 20 zuwa kashi 100 cikin kamar awa 1 da minti 50, kuma allon makulli yana nuna "Charging rapidly".

Soket ɗin ɗakinta yana da nisa da gado, sai ta sayi wani kebul mai mita 2, mai kauri, an saƙe bayansa da zare, kawunansa biyu na ƙarfe ne masu ƙyalli. Na asalin ta ba ƙanwarta. Daga ranar da ta fara amfani da dogon kebul ɗin ne ake ƙirga watannin da ke cikin wannan bayani.

Wata na 1 zuwa na 9: babu abin ƙorafi

Cajin ya koma kamar awa 2 da minti 20. Rabin awar da ya ƙaru bai dame ta ba, domin galibi da dare take saka wayar. Amma tana da wata ɗabi'a da ta zama muhimmiya daga baya: tana kwanciya da wayar a hannu tana caji, ƙasan wayar a jingine a ƙirjinta ko a kan matashi, wuyan kebul ɗin a lanƙwashe. Da safe kuma igiyar take ja ta cire, ba ta kama kan.

Wata na 10 zuwa na 13: alamun farko

Rubutun caji mai sauri ya fara zuwa yana tafiya. Wani lokaci sai ta cire ta sake sakawa, ko ta ɗan murɗa wuyan kebul ɗin, kafin ya dawo. A daren da bai dawo ba, takan tarar da wayar ba ta cika ba bayan awa huɗu.

A wannan tsakanin ta lura da abubuwa biyu, ba ta haɗa su da juna ba. Na farko, wuyan kebul ɗin ta gefen waya yana ɗaukar ɗumi sosai idan cajin na sauri. Na biyu, da ta jona wayar da kwamfuta don kwashe hotuna, wayar ta nuna tana caji amma kwamfutar ba ta gan ta ba. Ta ɗora laifin a kan kwamfutar.

Zuwa ƙarshen wata na 13, caji mai sauri ya daina zuwa gaba ɗaya. Ɗumin wuyan ma ya ɓace, ita kuwa ta ɗauka wannan alamar lafiya ce.

Wata na 14, mako na 1 da na 2: abin da ta gwada da kanta

Yanzu wayar na ɗaukar kusan awa 8 daga kashi 20 zuwa 100, allon kuma yana nuna "Charging slowly". Idan tana kallon bidiyo wayar na jone, cajin baya yake yi a hankali.

Ta goge manhajojin da take zargi, ta kashe wayar ta kunna, ta sabunta tsarinta. Babu canji. Ta sayi sabon kan caja mai wat 25, ta saka masa dogon kebul ɗin nan. Babu canji ko na minti goma.

Kebul ɗin ma ta zarge shi, kuma a nan ne hanya ta ɓace mata. Ta duba shi daga kai zuwa kai: saƙar ba ta warware ba, babu tsaga, babu ƙuna. Duk da haka ta ɗauko wani ɗan gajeren kebul da ya zo a kwalin abin sauraro na kunne, ta gwada da shi. Shi ma "Charging slowly" ya nuna. Sai ta yanke cewa tunda kebul biyu sun ba da sakamako ɗaya, ciwon a cikin wayar yake.

Mako na 3: wurin mai gyara na farko

Mai gyaran ya haska bakin cajin, ya tono dunƙulen ƙura da zaren aljihu da tsinke. Wannan aiki ne da ya dace, kuma kan kebul ɗin ya koma shiga har ƙarshe yana kamawa. Da ta koma gida cajin yana nan yadda yake. Ta sake dawowa, ya ce batir ne ya gaji, ya canza shi. Ya saka wayar a cajar teburinsa na 'yan mintuna, lamba ta motsa, ta biya ta tafi. A daren nan, da nata kebul ɗin, awa 8 ɗin ta dawo.

Bayan kwana biyu aka ba ta shawarar canza ƙaramin allon lantarki na cikin wayar da bakin cajin ke kai. Kafin ta yarda a sake buɗe wayar ne ta zo wurina, ni ne mai gyara na biyu.

Mako na 4, rana ta 1: awo

Na ce mata: "Malama, ki zo mini da wayar, da kan cajar, da ainihin kebul ɗin da kike kwana da shi. Kada ki bar ko ɗaya."

Ta ce: "Malam, kebul ɗin fa lafiyarsa ƙalau, ka gan shi kamar sabo."

Gaskiya ta faɗa, a ido kamar sabo yake. Na fara da ma'aunin USB, ƙaramar na'urar da ake saƙalawa a kan hanyar caji ta nuna bolt da amfiya. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wutar, amfiya kuma yawan wutar da ke gudana. Idan aka ninka su a sami wat, wato ainihin abin da ke shiga. Batirin yana kashi 30, allo a kashe.

Da na saka ma'aunin a bakin caja, ya nuna bolt 5.10 da amfiya 0.48. Wanda ya tsaya a nan zai ce cajar lafiya take, wayar ce ta ƙi jan wuta, ya koma zargin bakin caji. Sai na mayar da ma'aunin ɗaya ƙarshen, tsakanin kebul da waya. Amfiya na nan 0.48, amma bolt ya sauka zuwa 4.48. Fiye da rabin bolt ya salwanta a hanya, alhali wutar da ke wucewa ba ta kai rabin amfiya ba. Abin da ke isa wayar wat 2 ne da ɗan ɗoriya, daga cajar da ke iya ba da 18.

Don in cire wayar daga lissafin, na jona kebul ɗin da na'urar da ke jan wuta daidai gwargwadon da aka saita mata, na saita amfiya 1. A gefen caja 5.10, a ɗaya ƙarshen 3.80. Turjiyar kebul, wato yadda yake hana wuta wucewa, ana samunta ne haka:

```
R = (5.10 - 3.80) / 1 = 1.3
```

Om 1.3 ke nan. Da na lanƙwasa wuyan ta gefen waya, lambar ta riƙa tsalle, wani lokaci ta haura om 2, in na sake shi ta dawo. Sauran jikin kebul ɗin duk inda na murɗa, lambar ba ta motsa ba.

Na maimaita da wani kebul mai mita 1 da na san halinsa. A amfiya 1, bolt ya sauka daga 5.10 zuwa 4.88 kawai, om 0.22. Da na saka shi a wayarta, da tsohuwar cajarta ta asali, cikin daƙiƙa kaɗan ma'aunin ya haura zuwa bolt 9.05 a gefen caja, 8.68 a gefen waya, amfiya 1.7. Kusan wat 15. Allon ya rubuta "Charging rapidly".

Sai gwajin da ita ma za ta iya yi a gida ba tare da na'ura ba: waya a yanayin jirgin sama, allo a kashe, minti 30 ga kowane kebul, farawa daga kusan kashi 30. Dogon kebul ya ƙara kashi 5. Nawa mai mita 1 ya ƙara kashi 33.

Me ya sa wayar ke rage jan wuta da kanta

Wannan shi ne abin da ya fi rikita mutane, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kebul ba ya aika wa waya saƙon cewa ya gaji. Wayar ce ke ganowa.

Batirin waya yana cika ne a wajen bolt 4.2 zuwa 4.4, ya danganta da irinsa. Kafin a tura wuta cikinsa, dole abin da ke shigowa ya ɗara na batirin ƙarfi, kamar yadda ruwa ba ya gangarawa sai daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka akwai ƙaramin guntu a cikin wayar da ke kula da caji. Idan aka jona caja, yakan fara jan wuta kaɗan, ya riƙa ƙarawa mataki-mataki yana kallon bolt ɗin da ke isowa. Da zarar ya ga ya gangaro kusa da wata iyaka, wadda a wayoyi da yawa take wajen 4.4 zuwa 4.5, sai ya tsaya, ko ya ɗan ja baya.

Faɗuwar bolt a cikin kebul kuwa tana bin wannan doka, inda V ke nufin bolt, I amfiya, R turjiya:

```
V = I × R
```

Duk ƙarin amfiya ƙarin asara ne a hanya. Tsakanin 5.10 da caja ke bayarwa da 4.45 da wayar ke son gani, 0.65 ne kaɗai za a iya asararsa. A kebul mai om 0.22, ko an ja amfiya 2 asarar 0.44 ce, ba a kai iyaka ba. A kebul mai om 1.3, rabin amfiya ya isa ya cinye wannan tazara duka. Shi ya sa babbar caja ba ta taimaka ba. Wat 25 ɗin da aka rubuta a jikinta abin da za ta iya bayarwa ne idan an nema, wayar kuwa ba za ta nema ba muddin tana ganin bolt na faɗuwa. Tankin ya ƙaru, tiyon yana nan a tsuke.

Rana ta 2: an yanka kebul ɗin

Da izininta na tsaga shi. Ƙarƙashin saƙar akwai roba mai kauri, kuma kusan duk kaurin da ake ji a hannu nata ne. A tsakiya akwai layuka huɗu, kamar yadda aka saba a kebul na USB 2.0: ja da baƙi na wuta, fari da kore na data. A kebul nagari, ja da baƙin sun fi sauran biyun kauri a fili. A wannan, duk huɗun kaurinsu ɗaya, kowanne sili bakwai na jan ƙarfe, siraran kamar gashi.

Ana auna kaurin layi da lambar AWG, kuma lambar a juye take: mafi girman lamba, mafi sirantar layi. Layi mai 28AWG yana da turjiyar kamar om 0.21 a kowace mita, mai 24AWG kamar 0.08. Wuta kuma zuwa take ta jan layi ta dawo ta baƙi, don haka kebul mai mita 2 tafiyar mita 4 ce. Mita 4 na 28AWG sun ba da kusan om 0.85, idan aka haɗa da mahaɗan kawuna biyu a sami kamar 0.9. Na yanke santimita biyar na wuyan na auna abin da ya rage, ya fito kusa da haka. Ashe tun ranar da aka saye shi turjiyarsa ta ninka ta kebul ɗina mai mita 1 sau huɗu.

Sauran om 0.4 ɗin a wuya yake. Daidai inda robar kai mai tauri ta ƙare, silin jan layin duka bakwai sun karye, kowanne a wurinsa daban, bakinsu ya yi baƙi. Rigar robar ce ta riƙe su suna gogar juna, ta nan wutar ke lallaɓawa ta wuce. Jan ƙarfe idan ana lanƙwasa shi a wuri ɗaya kullum yakan yi tauri, sannan ya tsage, roba da saƙa kuwa suna jure lanƙwasar da ta fi haka. Shi ya sa ciki ya mutu waje bai nuna ba.

Koren layin shi ya rabu gaba ɗaya, da 'yar tazara a tsakani.

Na kuma kawo maganaɗisu kusa da silin, bai ja su ba, na kankare ɗaya na ga ja ne har ciki. Na yi haka ne domin akwai kebul ɗin da silinsu alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka yi wa fentin jan ƙarfe, waɗannan turjiyarsu ta fi haka ma. Wannan dai jan ƙarfe ne na gaske, ƙarancinsa ne matsalar.

Yadda alamomin suka hau kan juna

Da aka ga cikin, tarihin watannin 14 ya daidaita.

Caja mai bakin USB-A irin tata tana fara ba da bolt 5 ne ga kowa. Ba ta hawa 9 sai wayar ta nema, kuma a tsarin caji mai sauri na Quick Charge ta layukan fari da kore ake wannan magana. Ta layukan nan ne kuma wayar ke gane cewa caja ce aka jona mata, ba bakin kwamfuta ba. Idan ba ta gane ba, wayoyi da yawa kan tsaya a kusan rabin amfiya, wato iyakar da USB 2.0 ya ba na'urar da ke jone da kwamfuta.

A watanni tara na farko layin data lafiya yake, cajar na hawa bolt 9. A wannan matsayi, ko kebul ya cinye bolt ɗaya da rabi, abin da ya isa wayar ya fi 7, ya ɗara na batirin nesa ba kusa ba. Sirantar tana nan, bolt 9 ne ya rufa mata asiri, sai rabin awar nan kawai ta bayyana. Da koren layin ya fara tsinkewa, maganar waya da caja ta koma yau a ji gobe a rasa, shi ne zuwa da tafiyar caji mai sauri, shi ne kuma dalilin da kwamfuta ta daina ganin wayar.

Ɗumin wuyan ma yana da lissafi. Zafin da ke fita a wuri yana bin amfiya ninki kanta, sannan a ninka da turjiyar wurin. A amfiya 1.5, om 0.4 na wuyan yana fitar da kusan wat 1 a wurin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da wutar ta koma rabin amfiya, zafin ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin tara na wancan, yatsa ba ya jin sa. Ɓacewar ɗumin alama ce cewa caji mai sauri ya mutu, karayar tana nan. Wannan ɗumi shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk labarin, domin a kan matashi yake faruwa, mai wayar tana barci.

Gajeren kebul ɗin abin sauraro na auna shi ma: layuka biyu ne kacal a cikinsa, na wuta, babu na data. An yi shi ne don na'urar da ke jan wuta kaɗan. Da shi wayar ba ta da hanyar neman bolt 9, don haka ya ba da amsa iri ɗaya da ta dogon, ta wani dalili daban.

Bayan wata ɗaya

Ta sayi kebul mai mita 1 da aka rubuta 3A a kwalinsa, na auna shi kafin ta tafi da shi, om 0.2. Ta matso da teburin gefen gado kusa da soket, ta daina riƙe wayar a kwance tana caji. Bayan mako huɗu ta ce cajin yana cika cikin ƙasa da awa 2, da tsohuwar cajarta mai wat 18. Ba a canza bakin cajin wayar ba.

Hukunci

Laifi biyu ne a kebul ɗaya: an ƙera shi da siririn layin wuta a tsawon da ba zai ɗauka ba, sannan lanƙwasa ta karya shi a wuya. Ko da koren layin bai tsinke ba, a bolt 5 wannan kebul ba zai wuce rabin amfiya ba, a bolt 9 kuma wuyan zai ci gaba da zafi. Ba abin gyara ba ne.

Sabuwar cajar asarar kuɗi ce mai sauƙin fahimta, domin ita ce abin da ke da lamba a jiki. Canjin batir ne ban ga uzurinsa ba. Batirin da ya gaji ƙarancin ɗauka yake yi, don haka lambarsa kan yi saurin hawa ta yi saurin sauka. Nata kuwa yana wuni lafiya idan ya cika, cikar ce ke wuya. Tambaya ɗaya game da tsawon lokacin da cajin ke ɗauka kafin ya ƙare ta isa ta wanke shi. Sannan an gwada gyaran da kebul ɗin teburin mai gyara, ba da nata ba, wato an cire mai laifin daga gwajin ba a sani ba.

Gwajin da ta yi da kebul na biyu tunani ne mai kyau, kayan gwajin ne suka ci amanarta. Musanya kebul ba ya tabbatar da komai sai idan na biyun an gan shi yana ba wata waya caji mai sauri, da irin wannan caja. Da ta karɓo na asalin daga hannun ƙanwarta na rabin awa a mako na farko, da a nan maganar ta tsaya.

Wanda dole sai ya yi amfani da mita 2, akwai masu kyau, amma sai layin wutarsu ya yi kauri daidai da tsawon. Wasu kebul ɗin ana buga lambobin a jikin robarsu, kamar 28AWG/1P + 24AWG/2C, inda ta farkon ta data ce, ta biyun ta wuta. Ta biyun ake dubawa, kuma a mita 2 gara 22 ko 20 a kan 24. Kebul ɗinta babu ko lamba ɗaya a jikinsa, saƙar ta rufe ko'ina.